Yadda ake gano kalmar da ta ɓata maka hoto a cikin umarni

Ana saura mako biyu ƙaramar Sallah wani tela da ke kusa da Kasuwar Barci ya zo shagona yana son takardar talla. Buƙatarsa ba ta da yawa: mutum sanye da farar babbar riga mai shuɗin aiki, da hula, tsaye a ƙofar shagon ɗinki. Na buɗe Stable Diffusion, injin da ke zana hoto daga bayanin da ka rubuta masa, na rubuta umarni, sai ga wani bawan Allah ya fito da ƙyallen Larabawa a kai, rigar kuma ta rine ta koma shuɗiya tun daga wuya har ƙasa. Tela ya leƙo ya ce, "Malam, wannan ai ɗan Dubai ne, ba kwastomana ba."

Abin da yawancinmu ke yi a nan shi ne mu ƙara kalmomi, mu sake dannawa, mu ƙara wasu, har umarni ya yi tsawon wasiƙa ba mu san wace kalma ke aiki ba. Makanikin Panteka ba ya haka. Idan janareto na tari, yakan cire abu ɗaya ya tayar ya saurara, sannan ya mayar ya taɓa na gaba. Aikin da za mu yi ke nan. Ga umarnin da ya jawo mana magana:

```
a Hausa man, in white babban riga with blue embroidery, Eid celebration, traditional Muslim attire, standing in front of a tailor shop, no turban, golden hour, highly detailed
```

Mataki na farko: ka rubuta laifin da sunansa

"Hoton bai yi kyau ba" ba ya kai ka ko'ina. Ka ɗauki biro ka rubuta abin da ido ya gani. Ni laifi biyu na rubuta, ƙyalle a kai maimakon hula, da riga shuɗiya maimakon fara. Ka zaɓi ɗaya ka bi shi har ƙarshe kafin ka waiwayi ɗayan, domin ba lallai tushensu ɗaya ba ne. Na fara da ƙyallen.

Mataki na biyu: ka ɗaure duk abin da ba umarni ba

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ke sa sauran aikin ya tashi a banza. Injin yana fara kowane hoto ne daga hayaniyar ɗigo-ɗigo, irin ta talabijin da ba ta kama tasha ba, sannan ya riƙa tace ta sannu a hankali har sura ta fito. Lambar da ke cikin akwatin `Seed` ce ke ƙayyade wace hayaniya zai fara da ita. A manhajar AUTOMATIC1111, wadda ake sarrafa Stable Diffusion da ita, idan akwatin na nuna `-1`, duk dannawa sabuwar lamba ce. To idan ka cire kalma kuma lambar ta canza, hoton zai canza, amma ba za ka san ko kalmar ce ko lambar ba.

Saboda haka ka sa lamba tsayayya, ka bar `Sampling steps` da `CFG Scale` da girman hoto yadda suke, kada ka taɓa su har a gama bincike. Idan ka manta saitin da ya haifi mummunan hoton, ka ja shi ka jefa a shafin `PNG Info`, zai karanto maka komai, muddin hoton na asali ne. Wanda ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto ya riga ya zubar da wannan bayani. Masu amfani da Midjourney kuwa, wani injin zana hoto na daban, sai su ƙara `--seed` da lamba a ƙarshen umarni.

Lamba ɗaya kuma ba ta isa hujja. Ni huɗu nake amfani da su, 1001 zuwa 1004, wato in sa 1001 in mayar da `Batch count` ya zama 4. Da na gwada umarnin tela yadda yake, ƙyalle ya fito a duka huɗun. Wannan ya nuna laifin na umarni ne. Da a ɗaya kawai ya fito, da sai in ce rashin sa'a ne, in ɗauki mai kyau cikin ukun in sallami mutumina.

Mataki na uku: ka raba umarnin gida biyu

Umarnin nan yana da gaɓa takwas, waƙafi ne ya raba su. Cire su ɗaya bayan ɗaya zagaye takwas ne, kowanne hoto huɗu, ga wuta da ba ta da tabbas. Rabawa biyu ta fi sauri. Gaɓar farko, `a Hausa man`, ba a taɓa ta, domin idan babu mutum babu kan da za a ɗaura wa ƙyalle. Na yanke huɗun ƙarshe, daga maganar shago zuwa ƙasa, na danna. Ƙyalle yana nan a duka huɗu. Ashe akwai mai laifi a rabin sama.

Saura uku ake tuhuma: babbar riga, bikin Idi, da `traditional Muslim attire`. Na cire biyun ƙarshe, ƙyalle ya ɓace gaba ɗaya. Na mayar da `Eid celebration` ita kaɗai, bai dawo ba, sai dai fitilu da ƙubbar masallaci da suka bayyana a baya. Na cire ta na mayar da `traditional Muslim attire`, sai ga shi ya dawo. An kama ɓarawo a zagaye huɗu.

Dalilin ba boyayye ba ne. Injin ya koyi aiki ne daga ɗimbin hotunan intanet da rubutun da ke maƙale da su, kuma hotunan da aka yi wa laƙabi da waɗannan kalmomi da yawansu na ƙasashen Larabawa ne. Ni na rubuta su ina nufin shigar Idi irin ta filin Murtala, shi kuma ya fahimci shigar Makka.

Mataki na huɗu: ka koma cikakken umarnin ka tabbatar

A nan na kusa yin kuskure. Na ɗauko umarnin asali, na cire wannan gaɓa kaɗai, ina ganin an gama. Sai ga rawani a hoto biyu cikin huɗu. Rabawa biyu tana da wannan rauni: idan masu laifi biyu ne, ɗaya a kowane rabi, babban yakan rufe ƙaramin. Don haka na sake raba huɗun ƙarshe, kuma abin dariya, kalmar da na sa don ta hana rawani ita ce ke kawo shi. Sashen da ke karanta rubutu a Stable Diffusion 1.5, wanda ake kira CLIP, ba ya riƙe korewa da kyau. Ka ce masa `no turban`, abin da ya fi ji shi ne `turban`. Kamar ka ce wa yaro kada ya tuna da alewa.

Abin da ba ka so wurinsa akwatin `Negative prompt` ne, a Midjourney kuma `--no turban`. Amma ko wannan bai kai ka faɗi abin da kake so a kan ba. Idan ka bar kai babu bayani, injin zai cike gurbin da abin da ya saba gani. Na rubuta `embroidered round cap`, sai hula ta zauna a duka huɗun. Ba zanna bukar ba ce sak, amma duk wanda ya gani zai ce hula ce.

Mataki na biyar: laifi na biyu, inda cirewa ba ta wadatar

Rinewar rigar daban take, domin ba a buƙatar dogon bincike a san `blue` ce. Tambayar ita ce me ya sa ta bar zaren aiki ta malale riga. Injin ba ya ɗaure kowane launi da abin da aka jingina shi da shi yadda mutum ke yi, launi yakan yi naso zuwa maƙwabci. Amma na yi zargin akwai wani abu ƙari, sai na gwada gaɓar ita kaɗai, `babban riga` tsurarta babu komai. Abin da ya fito ba ya kama da tufa ma: wani gini, wata fuska, tarkace. Injin da nake amfani da shi bai san kalmar ba. Kenan `white` ba ta da abin da za ta kama, shuɗi kuma ya samu fili.

Wannan gwaji na kalma tsurarta ya kamata ka yi wa duk kalmar Hausa da ka sa a umarni, ko kilishi ce ko lalle ko adaidaita. Idan injin bai san ta ba, ƙara mata nauyi irin `(babban riga:1.4)` ba ya koya masa, sai dai ya ƙara dagula hoton. Musanya ake yi. A ƙasan shafin akwai `Script`, ka zaɓi `X/Y/Z plot`, ka sa `Prompt S/R` a layin X, ka rubuta:

```
babban riga, agbada, grand boubou
```

Zai nemi kalmar farko a cikin umarninka ya musanya ta da sauran bi da bi. Ka sa `Seed` a layin Y da lambobinka huɗu, ka mayar da `Batch count` ya zama 1, sai ya jero maka hoto goma sha biyu a faranti ɗaya. A wurina `agbada` ce ta kawo riga mai faɗin hannu. Ya ɗan sosa min rai a ce sai da sunan Yarabanci injin ya gane rigarmu, amma tela na jira. Daga nan na rage ƙarfin launin da `(blue:0.8)`, na kuma fayyace wurinsa, `embroidery on the chest`. Riga ta koma fara a uku cikin huɗu.

Idan umarninka dogo ne, ka duba ɗan lissafin da ke kusurwar akwatin rubutu, mai nuna wani abu kamar `40/75`. CLIP guntun kalma 75 yake ɗauka a zama ɗaya. AUTOMATIC1111 yana yanka abin da ya wuce haka ya karanta shi daban, wasu manhajojin kuma yar da shi suke yi shiru. Idan ka cire kalmar da ke can ƙarshe hoto bai ko motsa ba, ka matso da ita gaba ka sake gwadawa kafin ka wanke ta daga zargi.

Mataki na shida: ka gwada da sababbin lambobi

Ka daɗe kana gyara a kan lambobi huɗu, yana yiwuwa gyaran su kaɗai ya dace da su. Ka mayar da `Seed` zuwa `-1` ka fitar da takwas. Nawa shida suka fito da farar riga da hula, biyu shuɗin ya ɗan taɓa hannu. Wannan ya ishi takardar talla. Yatsun da suka zama shida a hoto ɗaya ban ɓata lokaci ina neman kalmarsu ba, wannan raunin injin ne, da `Inpaint`, mai sake zana ɓangaren hoton da ka zaɓa kawai, na gyara wurin. Sunan shago da lambar waya kuma ban ma roƙi injin ya rubuta ba, na ɗora su da hannuna a CorelDRAW.

Tela ya dawo bayan la'asar, ya daɗe yana kallon aikin wuyan rigar, sannan ya ce, "Malam, wanda ya yi wannan aska biyun bai gama koyo ba. Amma buga min ɗari biyu."