Filajil a kan Sintirom, da sauran kurakuran da na gaji da gani

Shekara da shekaru ina tsaye bayan kantar farmasi a Damagaram, kuma kowane sabon yaron da aka kawo mani koyon aiki sai ya miƙa maganin kashe ƙwayoyin cuta bai tambayi abin da mutum yake sha ba.

Ni ma na yi, kuma a kan Innata na yi. Tana shan Sintirom, maganin hana gudajin jini, saboda ciwon zuciya. Zawo ya kama ta, na kai mata Filajil har gida a Birni, don ganina ai na san aiki. Kwana 5 bayan haka ta ce mani, "Ɗan nan, aswakina kullum jini." Na ɗaga hannun rigarta, na ga tabo baƙi-baƙi a damtse, alhali ba ta bugu da komai ba. Da aka auna INR, gwajin saurin daskarewar jini, a asibiti ya haura 7, ita kuwa tsakanin 2 da 3 likitanta yake riƙe da ita. Filajil yana hana hanta narkar da Sintirom, sai ya taru, jini ya ƙi tsayawa. Baktirim ma haka yake yi. Bitamin K aka ba ta, muka yi kwana uku a kwance.

Tun daga ranar, mai shan Sintirom ba ya samun ɗayan biyun nan a hannuna sai likitansa ya sani, kuma ina rubuta masa a jikin kwali cewa ya auna INR cikin kwana 3 zuwa 5. Haɓo, jan fitsari ko baƙin kashi kamar kwalta, wannan asibiti ne nan take. Ku yaran yanzu, tambaya ɗaya ce fa! Bakinku ciwo yake yi?

Na biyu shi ne ƙwayar tsarin iyali. Kuna tsorata mata da amokisilin, wanda ba ya rage ƙarfinta sai in an yi amai ko zawo mai tsanani, kuna mance rifamfisin na maganin tarin fuka. Shi ne yake sa hanta ta cinye ƙwayar da sauri, har da ashanar da ake sawa a damtse. Magani ne na wata 6, kuma aikinsa a hanta yana ci gaba har kwana 28 bayan an daina. Ni allurar wata uku nake nuna wa mace, ko robar mahaifa, domin su bai taɓa su.

Kowatem ma, maganin zazzaɓin cizon sauro, rifamfisin yana karya shi, zazzaɓin ya dawo. Haɗa Kowatem da sifuro ko eritoromisin na iya rikita bugun zuciya, balle ga tsoho. Yaron da yake kan Baktirim kuwa, kada a ba shi maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida-gida da damina, dangin sulfa ne dukansu. Uwa ta nuna wa masu rabon kwalbar tun a zaure.