Yadda Ake Mayar da Kundi Mai Babi Biyar Zuwa Kundin Maƙaloli

Wani ɗalibin digiri na uku ya same ni a Birnin Kebbi da kundinsa mai shafi 210 kan ruɓewar albasa a wurin ajiya a Aliero. Ya gama aikin tsaf, babi biyar kamar yadda muka saba: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin bincike, sakamako, sai tattaunawa da kammalawa. Yana so ya mayar da shi kundin da maƙaloli ne ƙashin bayansa. Ya ce, "Malam, na yi tunanin babi na biyu ya zama maƙala ɗaya, na huɗu ya zama ɗaya." Na ce masa ai nan aka fi yin tuntuɓe.

Kafin komai, je makarantar karatun gaba da digiri ta jami'arka ka karɓi ƙa'idar rubuta kundi a rubuce. Duba ko ta amince da wannan tsari, maƙala nawa take so, ko dole sai an buga su ko kuwa wasiƙar karɓa ta wadatar, da ko dole sunanka ne zai zo farko. In ƙa'idar ba ta ambaci tsarin ba, ka nemi amincewa a takarda ta hannun mai duba aikinka. "Ba komai, ci gaba" na baki ba ya tsaya maka ranar kare kundi.

Bi manufa, ka rabu da babi

Babi na huɗu shi kaɗai ba maƙala ba ne, don ba shi da tambaya, ba shi da hanya. Kowace maƙala tana buƙatar ɗan yanki daga kowane babi. Don haka buɗe babi na ɗaya, inda ka jera manufofin bincike, ka yi jadawali: layi ɗaya ga kowace manufa, a gabanta ka rubuta bayanan da suka amsa ta, jadawaloli da zane-zanen da ke nata, da sashen babi na uku da ya bayyana yadda aka samo su.

Shi nasa manufofi huɗu ne. Ta farko tambayar manoma yadda suke ajiya a rudu da asarar da suke yi. Ta biyu gano abin da ke ruɓar da albasar a ɗakin gwaji. Ta uku gwada rudu da rumfa mai shan iska har wata biyar. Ta huɗu lissafin riba. Da muka cike jadawalin, sai ta huɗu ta fito da jadawali biyu kacal, kuma duk daga gwajin manufa ta uku aka ciro su. Muka haɗe su, maƙaloli suka zama uku. Ya so a bar su huɗu don yawa, amma editoci sun san mai yanka aiki ɗaya gunduwa-gunduwa, mai jarrabawa na waje ma ya sani. Ma'aunin mai sauƙi ne: in ba za ka iya faɗin abin da maƙala ta gano a jimla ɗaya wadda ba ta jingina da 'yar'uwarta ba, to ba ta kai tsayawa da ƙafarta ba. Kuma kowane jadawali gida ɗaya gare shi, kada ya fito a maƙala biyu.

Babi na biyu shi ne mai ciwon rabuwa. Nasa shafi 48 ne, alhali gabatarwar maƙala ba ta cika wuce shafi biyu ba. Kowace maƙala ta ɗauki abin da ya kai mai karatu ga tambayarta, sauran a tace shi ya koma babbar gabatarwar kundin. Bayanin Aliero da yanayinta kuwa, a yi shi cikakke a maƙala ta farko, a sauran a taƙaita da sabbin kalmomi a ambaci ta farkon.

Tura kowace maƙala ga mujalla ɗaya tak a lokaci guda, bayan ka tabbatar tana cikin Scopus ko AJOL ko duk jerin da jami'arka ta yarda da shi. Mujallar da ta yi maka alkawarin bugawa cikin mako ɗaya in ka biya, ka tsallake ta.

Gadojin da ke tsakani

A nan kundin yake zama kundi, in ba haka ba tarin takardu ne aka ɗinke. Gada gajera ce, rabin shafi zuwa shafi ɗaya, tana zuwa gaban kowace maƙala. Tana faɗin abin da maƙalar baya ta tabbatar, abin da ta bari a buɗe, da dalilin da ya sa wannan ce ta biyo. A ƙasa sai sunan mujalla, matsayin maƙalar (an buga, an karɓa, ko tana hannun masu tacewa), lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, in akwai, da abin da kai ka yi da abin da abokan rubutunka suka yi.

Gadarsa ta farko tsakuren maƙala ta biyu ya kwafo ya manna. Na mayar masa. Wadda ya dawo da ita ta fara kamar haka: "Manoman da aka tambaya sun ce asara tana tsananta bayan saukar damina, amma tambaya ba za ta nuna ko danshi ne ko cuta daga gona albasar ta zo da ita ba. Shi ya sa aka kai samfurin albasa ɗakin gwaji." Ka ga yanzu mai karatu ya san me ya kai shi shafi na gaba.

Ga yadda ake gane ko gadojin sun riƙe: cire maƙalolin gaba ɗaya, ka ba wani abokinka na wani sashe babbar gabatarwa da gadoji da babin ƙarshe. In ya iya ba ka labarin binciken daga farko zuwa ƙarshe, sun yi. Inda ya tsaya ya ce "to me ya kawo wannan?", nan gada ta karye.

Babin ƙarshe kuma ba maimaita kammalawar maƙalolin ba ne. Abin da ukun suka nuna a haɗe shi ake so, har da inda suka saɓa wa juna. A nasa, manoma sun ɗora laifi kan ruwan sama, gwaji kuma ya fi nuna albasar da ta ji rauni wajen cira. Babu maƙalar da ke da wurin wannan magana sai nan.

Abubuwan da ke kama mutum a ƙarshe

Alƙaluma sukan sauya a hannun masu tacewa. Ya tambayi manoma 120, mujalla ta sa ya cire takardu shida da ba a cike ba, maƙala ta fito da 114, babbar gabatarwa kuwa tana nan da 120. Bi kowace lamba ɗaya bayan ɗaya. Maƙalar da aka riga aka buga ba a taɓa ta a ɓoye. In da gyara, a gada ake bayyana shi.

Sai haƙƙin mallaka. Karanta yarjejeniyar da ka sa wa hannu. Kamfanin buga mujallu na Elsevier yana barin marubuci ya sa maƙalarsa cikin kundinsa, wadda aka buga da lasisin CC BY ma ba ta da matsala muddin an ambaci inda ta fito. Wasu mujallun rubutun da suka karɓa kawai suke yarda a sa, ban da shafukan da suka tsara.

Turnitin kuma, wato manhajar gano kwafen rubutu, zai nuna kamanni mai yawa, don maƙalolinka suna intanet. Kada ka zauna sauya kalmomin abin da aka buga. Kai wa mai duba kundi da Turnitin jerin maƙalolin da lambobinsu na DOI tun kafin ya sa kundin, ya cire su daga lissafi, sannan ka karɓi kwafin rahoton ka tafi da shi ranar kare kundi.