Babi na Tara: Daidaita Asusun Dala a Ƙarshen Wata

Darasi na 1

Ku buɗe littafinku, ku ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa: na kwanan wata, na dala, na farashin canji, na naira. Sai ku ajiye takardar bayanin asusu da banki ya ba ku a gefe. Banki da dala yake rubutu, ku kuwa kuna mayar da ita naira, shi ya sa lissafin yake saɓawa.

Misalinmu mai sayar da atamfa ne a Kantin Kwari, farashin kuma na koyo ne kawai. Ranar 5 ga wata dala 2,000 ta shigo, ana canji a kan naira 1,500. Ya rubuta naira 3,000,000. Ranar 18 ya tura wa mai kaya dala 500 a kan 1,520, wato naira 760,000. Littafinsa ya ce saura dala 1,500, naira 2,240,000.

Darasi na 2

A nan ake tuntuɓe, to mu tafi a hankali. Kada ku taɓa layin naira tukuna, ku rufe shi da hannu. Dala da dala za ku fara gwadawa. Littafi ya ce 1,500, banki ya ce 1,490. Ina dala goma? Ku bi takardar da yatsa, layi-layi. Ga ta nan: cajin tura kuɗi ne na ranar 18. Wannan ba canji ba ne ya cinye ta, rubutawa ce ba a yi ba. Ku shigar da ita da farashin ranar, naira 15,200. Saura naira 2,224,800.

Ku sake dubawa. Dalar littafi ta yi daidai da ta banki? In ba ta yi ba, ku tsaya nan, ba abin kunya ba ne. Amma fa kusan kowane aji sai na tarar da masu garaje sun tsallake zuwa naira, sun samo ribar canji ta naira 69,500 da farashin ƙarshen wata, suna murna. Haba jama'a! Cajin banki ne kuka binne a cikin lissafin canji. Sau nawa zan faɗa? Dala tukuna.

Darasi na 3

Ranar ƙarshen wata canji ya kai 1,550. Dala 1,490 sau 1,550 ta ba da naira 2,309,500. A cire 2,224,800, saura 84,700. Ita ce ribar canji, ku rubuta ta a layinta daban, kada ku haɗa ta da ribar atamfa. Yawancinta a takarda take, tunda dalar na nan ba a canzar ba. Da farashi sauka ya yi, asara za ku rubuta.

Darasi na 4

Ku riƙe wuri ɗaya na samun farashi. Kada a ɗauki na banki ranar 5, na 'yan canjin Wapa ranar 30.

Aikin gida: ku sake lissafin da farashin ƙarshen wata na naira 1,480.