Yadda na mayar da lacca ta awa biyu takarda shafi uku

Ƙanwata tana karatu a KASU, jami'ar jihar Kaduna, zazzaɓi ya hana ta zuwa laccar ilimin tattalin arziki. Ƙawarta ta turo mata rikodin na awa biyu ta WhatsApp, ga gwaji ya matso.

Matsalar rikodin ita ce ba ya ganin allo. Malam zai ce "wannan layin ya matsa dama", kai kuwa ba ka san wane layi ba. Don haka kafin na kunna, na sa aka ɗauko mini hoton littafin ƙawar da tsarin darussan kwas ɗin.

Sauraron farko ban rubuta bayani ba. Na buɗe rikodin a VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo, na sa gudu a 1.5x, ina rubuta minti kawai: 12:40 ma'anar buƙata, 38:10 misalin farashin masara, 1:05:00 tambayoyin ɗalibai. Nan na ga kusan rabin lokacin gaisuwa ce da maimaici da jiran a yi shiru.

Zagaye na biyu na koma wuraren da na yi wa alama, da gudun asali. Ma'anoni na kwafe su kalma da kalma, domin haka ake son su a jarrabawa. Misalai kuwa na taƙaita da bakina. Duk inda malam ya maimaita magana ko ya rage sauri don a rubuta, na ja layi a ƙarƙashi.

Wuri biyu ƙarar janareta ta cinye muryar. Ban cike da zato ba, na rubuta mintin na ce: "Ki tambayi malam nan."