Kurakuran da aka fi yi wajen raɗa wa ƙasa suna da alwatika

Ɗalibai da yawa kan ɗauka cewa wahalar darasin gwajin ƙasa tana wajen karanta alwatikar ƙwayoyin ƙasa, wato zanen da ke ba ƙasa suna bisa yawan yashi, silti da yumɓun da ke cikinta, alhali galibin sunayen da suke fitowa ba daidai ba tun a bakin rami suka lalace. Alwatika lissafin da aka ba ta kawai take nunawa, don haka gyara yana farawa ne daga yadda aka ɗebi ƙasar.

Kuskuren farko shi ne ɗibar ƙasa da awon zurfi kaɗai, ba tare da duba shimfiɗun da ke jikin ramin ba. Idan aka kankare bangon rami da wuƙa aka tsaya aka duba, za a ga shimfiɗar A a sama, wadda ta fi duhu saboda ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi, sai B a ƙarƙashinta, wadda a yawancin gonakin tudu na ƙasar Hausa ta fi ja kuma ta fi danƙo, domin ruwan sama yana wanko yumɓu daga sama ya tara shi a can, kuma wannan tarin ne ake yi wa alamar Bt. Ƙasa da ita akwai C, wato tushen ƙasar da bai gama narkewa ba. A ɗauka shimfiɗar A tana da yashi kashi 78, silti 12, yumɓu 10, ita kuma B tana da yashi 62, silti 12, yumɓu 26. Wanda ya haɗa su rabi da rabi a leda ɗaya zai sami yumɓu kashi 18, adadin da babu shi a ko'ina cikin ramin, kuma tarin yumɓun da ke rage saurin nutsewar ruwa ya ɓace daga rahotonsa. Gyaran shi ne a ja layin iyakar kowace shimfiɗa bisa launi da yadda ƙasar take a hannu, a auna zurfinta, sannan a ɗebi samfur daga tsakiyarta, ana farawa daga ƙasa zuwa sama don kada ta sama ta zubo a kan ta ƙasa. Akwai kuma masu zana shimfiɗar O, wato tarin ganye da ciyayi masu ruɓewa a saman ƙasa, don kawai sun gan ta a littafi, ko da yake a gonar da ake nomawa duk shekara, ake kwashe kara, dabbobi kuma su cinye saura, da wuya a same ta. Abin da ke saman irin wannan gona Ap ne, wato A da garma ta juya.

Na biyu ya shafi tankaɗe. Alwatika tana aiki ne da ƙwayoyin da suka wuce rariya mai ƙofar milimita 2 kaɗai, saboda haka tsakuwa da ɓarɓashin marmara ba sa cikin lissafi, ana auna su ne daban. A tsarin ma'aikatar gona ta Amurka, wanda alwatikarsa mai rukuni 12 ce aka fi amfani da ita a makarantu, yashi yana tsakanin milimita 2 da 0.05, silti, wato ƙwayoyi masu laushin gari, tsakanin 0.05 da 0.002, abin da ya gaza 0.002 kuwa yumɓu ne. Wani tsarin na ƙasa da ƙasa yana yanke silti a 0.02, kuma bai dace a auna da tsari ɗaya a karanta da alwatikar ɗayan ba.

A wajen haidiromita, na'urar da ake tsomawa a ruwa ta nuna giram nawa ke yawo a lita ɗaya, aka fi yin ɓarna, kuma ya kamata a bi misali ɗaya har ƙarshe. An auna giram 50 na busasshiyar ƙasa daga shimfiɗar B, aka jiƙa ta da ruwan kalgon don ya wargaza dunƙulen yumɓu, aka kaɗa sosai, aka juye a silinda aka cika zuwa lita ɗaya. Bayan daƙiƙa 40 da daina motsawa haidiromita ta nuna 24, bayan awa 2 ta nuna 18. A wata silindar da ke da ruwa da kalgon kawai, babu ƙasa, ta nuna 5. Wannan 5 ɗin nauyin maganin ne, dole a cire shi daga kowane karatu. Na farko ya koma 19, wato giram 19 cikin 50, kashi 38 ke nan. A nan wasu kan rubuta 38 a matsayin yashi, alhali yashin ya riga ya kwanta a gindin silinda cikin waɗannan daƙiƙu, abin da ya rage a ruwa silti ne da yumɓu, yashi kuwa shi ne 100 a debe 38, wato 62. Karatu na biyu ya koma 13, wato yumɓu kashi 26, silti kuma 38 a debe 26, wato 12. Da an manta da cire 5 ɗin nan, da yumɓu ya tashi 36, yashi 52, ƙasar ta tsallaka iyakar kashi 35 ta faɗa rukunin `sandy clay` da ba nata ba. Ana son silindar da babu ƙasa ta zauna kusa da ta samfur, domin zafin ruwa yana canza karatu, kuma a ɗakunan gwajinmu ruwa kan wuce digiri 20 da aka daidaita na'urar a kai, musamman da bazara.

Gajen haƙuri wajen jiƙawa da kaɗawa yana jawo kuskure ta ɗaya ɓangaren: yumɓun da bai warware ba yakan nutse a dunƙule kamar yashi, sai sakamako ya nuna ƙasar ta fi yashi fiye da gaskiya.

Yanzu ga alwatikar kanta. Yumɓu yana gefen hagu, lambobinsa suna ƙaruwa zuwa sama, layinsa kuma a kwance yake. Yashi yana gindi, lambobinsa suna ƙaruwa daga dama zuwa hagu, layinsa yana hawa sama yana karkata hagu. Silti yana gefen dama, lambobinsa suna ƙaruwa zuwa ƙasa, layinsa yana gangarowa hagu. A misalinmu layin yumɓu 26 da layin yashi 62 suna haɗuwa a rukunin da aka rubuta `sandy clay loam`. Ɗalibin da ya tashi daga 62 a gindi ya hau dama maimakon hagu ya bi layin silti 38 ke nan bai sani ba, zai kuma sauka a `loam`, sunan da ke nuna ƙasa dabam ƙwarai wajen ban ruwa. Hanyar kama wannan kuskure ita ce a ja layi na uku, ko da yake biyu sun isa su ba da ɗigo. Idan layin silti 12 bai ratsa ta ɗigon ba, an karkata ba daidai ba, ko kuma adadin uku ba su cika 100 ba.

A ganina bai kamata a miƙa sakamako ba sai an gwada shi da hannu. A jiƙa ɗan ƙasar, a murza har ta yi laushi, a matse ta tsakanin babban yatsa da manuniya tana fita kamar zirin tsumma. Idan zirin ya karye kafin santimita 2.5, yumɓun kaɗan ne. Idan ya kai tsakanin 2.5 da 5, kuma ana jin ƙaiƙayin yashi a tafin hannu, ya dace da sunan da muka samu. Idan ya wuce 5, yumɓu ya yi yawa. Duk lokacin da hannu da takarda suka saɓa da nisa, a sake gwajin daga jiƙawa. Idan kuma ɗigon ya faɗa dab da layin iyaka, a rubuta adadin yashi, silti da yumɓu tare da sunan, a kuma ambaci shimfiɗa da zurfin da aka ɗebo samfurin.