Yadda darakta zai rubuta takardar murabus idan bai yarda da rahoton kuɗin kamfani ba

Na karanta irin wannan takarda da dama, kuma yawancinsu a wuri ɗaya suke lalacewa, wato wurin faɗin dalili. Wani ya rubuta cewa ya sauka ne "saboda wasu dalilai na ƙashin kai", alhali kowa a hukumar daraktoci ya san rigimar lissafi ce ta kore shi. Wani kuma ya cika shafi huɗu da zargin zamba. Na farko ya bar kansa ba kariya ranar da asiri ya tonu, na biyu ya miƙa wuyansa ga ƙarar ɓata suna. Ba zan tsaya kan adireshi da gaisuwa ba, wanda ya kai matsayin darakta ya san waɗannan.

Mataki na farko tun kafin ka ɗauki alƙalami yake. Ka tabbata rashin amincewarka ya shiga rubutaccen bayanin zaman hukumar, da sunanka. Daraktoci tare suke ɗaukar alhakin rahoton kuɗi, don haka idan bayanin zama ya ce "hukuma ta amince" kawai, kai ma ka amince ke nan a idon duk wanda zai karanta bayan shekara uku. A nan ni na yi kuskure. Na yi magana sosai a zama, na ɗauka an rubuta, ban nemi ganin daftarin ba. Da na sauka na nemi kwafi, sai na tarar an taƙaita maganata a jimla ɗaya, cewa an tattauna batun. Saboda haka ka ƙi amincewa a fili lokacin ƙuri'a, ka ce a rubuta, sannan a ranar ka aika wa sakataren kamfani imel mai ɗauke da abin da ka faɗa. Idan akwai kwamitin binciken kuɗi, ka kai masa maganar a rubuce. Takardar murabus da ba ta da wannan tarihin a bayanta kamar fushi take kama.

Mataki na biyu shi ne ka mai da saɓanin abu ɗaya da za a iya auna shi. Ga misali. A ce shekarar kuɗin kamfani tana ƙarewa 31 ga Disamba. An rubuta cinikin miliyan 120 ranar 29 ga Disamba, amma takardun sito sun nuna kayan ba su fita ba sai 14 ga Janairu, kuma kwangilar ta ce kaya na zama na mai saye ne idan sun isa hannunsa. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta ƙasa da ƙasa mai suna IFRS 15 ta ce ana rubuta kuɗin shiga ne a lokacin da iko da kayan ya koma hannun mai saye. Idan kuɗin da aka kashe kan kayan miliyan 90 ne, ribar wannan cinikin miliyan 30 ce. Rahoton ya nuna ribar shekara kafin haraji miliyan 45, wato in an cire cinikin saura miliyan 15. Kashi biyu cikin uku na ribar da za a nuna wa masu hannun jari da banki ya rataya ne a kan ciniki ɗaya da aka jawo daga shekarar gaba. Wannan shi ne abin da takardarka za ta ɗauka, ba halin babban jami'in kuɗi ba, ba kuma tsohuwar rigimar da kuka yi kan albashi ba. In kana da ƙorafi biyar, zaɓi wanda kake da takardarsa a hannu.

Mataki na uku, rubuta sakin layin dalili. Ni a wurina doka ce ya ƙunshi abu huɗu: abin da aka yi, abin da kake ganin ya kamata, ranar da ka yi magana, da amsar da aka ba ka. Ga yadda zai kasance:

"Ranka ya daɗe, na ajiye muƙamina na darakta daga yau. Dalilina shi ne ban amince da yadda aka rubuta cinikin miliyan 120 a cikin kuɗin shigar shekarar da ta ƙare 31 ga Disamba ba. Takardun sito da na gani sun nuna kayan sun fita ranar 14 ga Janairu, kuma a fahimtata IFRS 15 na buƙatar a sanya cinikin a shekara mai zuwa, wanda zai mai da riba kafin haraji daga miliyan 45 zuwa 15. Na gabatar da wannan a zaman kwamitin binciken kuɗi da kuma zaman hukuma, na nemi a gyara ko a nemi ra'ayin odita na waje a rubuce. Hukuma ta zaɓi barin rahoton yadda yake. Ba zan iya amincewa da shi a haka ba."

Ka lura da "a fahimtata" da "takardun da na gani". Da gangan suke. Kai ka san abin da aka rubuta, amma ba ka san niyyar wanda ya rubuta ba. Kalmomi irin su zamba, almundahana, ko "an ɓoye da gangan" hukunci ne kan niyya, kuma in ba za ka iya tabbatar da su a kotu ba, kada su shiga. Alƙaluman da kansu sun fi su nauyi. Hanyar gane ka wuce gona da iri mai sauƙi ce: duk jimlar da ba za ka iya ɗora mata takarda ko ranar zama ba, ka goge ta. Sunayen ma'aikata ma a cire, "hukuma" ta wadatar. Kuma a naka rubutun ka sa ainihin ranakun zaman nan biyu.

Ka rubuta da tunanin cewa baƙo zai karanta. A Amurka, idan daraktan kamfanin da ke kasuwar hannun jari ya sauka saboda saɓani kan ayyuka ko manufofin kamfanin, dole kamfanin ya sanar da jama'a ta takardar da ake kira Form 8-K cikin kwana huɗu na aiki, a haɗa da takardarsa. A Birtaniya, ƙa'idar tafiyar da kamfanoni ta ce darakta marar aikin zartarwa da ya sauka da irin wannan damuwa ya ba shugaban hukuma bayani a rubuce don a raba wa sauran daraktoci. Saboda haka kada sunan abokin ciniki ko sirrin kwangila ya shiga in ba dole ba. A kan sakin layin dalili kaɗai nake cewa a biya lauya, kuma naka, ba na kamfani ba, domin lauyan kamfani kamfanin yake karewa. Awa ɗaya ta ishe shi in ka je da daftari, ya fi arha nesa ba kusa ba a kan ka ce ya rubuta daga farko.

Saura abubuwan rufewa. Ka nemi a raba takardar ga duk daraktoci, a sanya ta cikin bayanin zama na gaba, a ba odita na waje kwafi. Ka duba kundin dokokin kamfanin don ganin yadda ake miƙa sanarwar murabus, ka bi shi daidai, ka karɓi shaidar an karɓa. Ka nemi a sanar da hukumar rajistar kamfanoni, sannan ka duba da kanka an cire sunanka. Murabus ba ya wanke abin da aka yi kana kan kujera, don haka ka tambayi ko inshorar daraktoci za ta ci gaba da rufe ka kan lokacin da ka yi aiki. Idan aka kawo maka sanarwar da ke cewa ka sauka ba tare da wani saɓani ba, kada ka sa hannu.