Ga mai jin kunyar murmushi a hoto

'Yan uwa, shawara ce ga masu daskarewa in an ɗaga musu waya. A bikin ƙanwata a Birni na gane haka: ƙawarta ɗaya dogon hanci, fararen haƙora, amma a hoto kamar an tilasta mata. Ɗayar kuwa haƙorinta na gaba a karkace yake, sai ga shi kowa hotonta yake tambaya.

Bambancin a ido yake. Murmushin dole leɓe kawai yake ja gefe, idanu na nan a bushe. Na gaske kumatu ne ke tashi sama, fatar ƙasan ido ta ɗan tattaru, idon ya ƙanƙance kaɗan. Wani likita Bafaranshe, Duchenne, ya bayyana wannan tun 1862. Mai kallonki wannan yake fara karantawa kafin ya lura da hancinki.

Ga yadda na koya. Ki tsaya gaban madubi, ki rufe bakinki da tafin hannu, ki tuna wani abu da jaririn gidanku ya yi da ya ba ki dariya. In idanunki kaɗai sun nuna fara'a, kin samu. Sai ki sauke hannun. Minti 2 kullum bayan sallar asuba ya isa, fiye da haka kumatu ke gajiya, abin ya koma yaƙe.

Wajen hoto kuma kar ki riƙe murmushin kina jira. Ki sunkuyar da kai, ki saki numfashi, ki ɗago daidai lokacin da za a danna. Ki nemi inuwa kuma, don ranar Damagaram kan sa mutum runtse ido ya haɗe gira.